Yadda Ake Raba Dogon Karatu Zuwa Babi-Babi

A azumin bara Goggona ta miƙo min wayarta, ta ce in nemo mata wurin da malam ya yi maganar allura ga mai azumi. Laccar awa ɗaya ce da minti 52, duk a dunƙule wuri guda. Na yi ta jan ɗan layin nan da yatsa, in wuce in dawo, har aka kira sallar la'asar ban samu wurin ba. Duk mai sauraron karatu a waya ya san wannan wahala. A zamanin kaset, lokacin da ake sayen tafsirin Sheikh Abubakar Gumi na Masallacin Sultan Bello, kaset ɗin da kansa yake raba karatun: fuska ɗaya ta kaset mai minti 90 tana ɗaukar minti 45, mai shago kuma ya rubuta sura da aya a jikin kwali. Yanzu memori yana haɗiye karatun wata guda, amma ba kwali, ba rubutu.

A daren na ce bari in raba mata shi. Na sa manhaja ta yanka laccar duk bayan minti goma, na tura mata. Washegari ta kira ni hankalinta a tashe. "Ɗan nan, ashe malam ya ce allura tana karya azumi?" Da na koma na saurara sai na ga ɓarnar da na yi. Yanki na huɗu ya ƙare ne daidai inda malam yake kawo ra'ayin wasu, alhali bayaninsa da rarrabewar da ya yi tsakanin ire-iren allurai suna farkon yanki na biyar, wanda ba ta buɗe ba. Rabin magana na ba ta, ta ɗauke shi a matsayin fatawa. Tun daga ranar na daina barin agogo ya zaɓa min wurin yanka.

Aikin yana farawa da kunne da biro. Ka zauna ka saurari laccar daga farko, kana rubuta minti da daƙiƙar da zance ya juya. Malamai da kansu suna nuna gaɓoɓin maganarsu idan ka kasa kunne: "to, mas'ala ta gaba", "sai mu koma kan", "wallahu a'alamu", ko ɗan shirun da ake yi ana buɗe shafi. A tafsiri abin ya fi sauƙi, domin alaramma mai jan baƙi shi ne alamar. Ana yankawa gab da ya fara jan aya, ba a taɓa yankawa tsakanin ayar da fassararta. Haka tambaya da amsarta ba sa rabuwa, ko da amsar ta kai minti ashirin. Idan malam ya ce "wasu suna cewa", riƙe hannunka har sai ya faɗi nasa.

Da na sake aikin laccar Goggo ta wannan hanya, babi tara ta fita, ba guda biyu masu tsawo ɗaya. Gabatarwa ta ci minti shida, ganin wata minti takwas, niyya ta kusa minti 17, abubuwan da ke karya azumi kuwa suka haura minti 25. Wannan na ƙarshen na so in raba shi biyu, sai na ga kowace mas'ala a cikinsa tana jingine da wadda ta gabace ta, na bar shi yadda yake. A ganina minti takwas zuwa ashirin shi ne daidai da tafiyar adaidaita sahu ko zaman tsinke alayyahu, amma in ma'ana ta ƙi yankuwa, ma'anar nake bi.

Manhajar da na saba da ita a kwamfuta ita ce Audacity, kyauta ce. Idan ka buɗe fayil a cikinta za ka ga muryar ta zama zane mai tudu da kwari. Inda zanen ya kwanta ya zama siririn layi, nan ne shiru. Ka ɗora alamar linzami a tsakiyar shirun, ka danna Ctrl+B, ka rubuta sunan babin. A tsakiyar shiru nake nufi, ba dab da kalma ba, domin in ka matse sosai za ka datse harafin farko, mai sauraro ya ji "smillahi" a maimakon bisimillah. Barin rabin daƙiƙa a kowane gefe ya wadatar. Bayan ka gama sa alamomin, sai ka je wurin fitar da sauti ka zaɓi Multiple Files, ka ce a raba bisa Labels. A tsofaffin samfuran manhajar sunan wurin Export Multiple. Ka tabbata ka sa alama a daƙiƙar farko ta laccar, in ba haka ba gabatarwa na iya zubewa ba ka sani ba.

Akwai aibi ɗaya a nan. Audacity tana warware MP3 ta sake matse shi, kuma kowace matsa tana cin wani abu daga muryar. Idan asalin ɗaukar mai kyau ce ba za a ji ba. Amma karatun da aka kwafo daga tsohon kaset, ya kuma sha yawo daga waya zuwa waya, zai fito kamar ana magana a cikin randa. Irin wannan gara a yanka shi da ffmpeg, wanda yake ɗebe yankin kamar yadda yake:

```
ffmpeg -i lacca.mp3 -ss 00:14:20 -to 00:31:05 -c copy 03_niyya.mp3
```

Lambar farko mafarin babi ce, ta biyu ƙarshensa, `-c copy` kuma shi ne ke hana sake matsewa. Lokacin da wannan babi ya ƙare shi za ka sa a mafarin na gaba, don kada wata kalma ta faɗa rami.

Sai suna. "Kashi na uku" ba ya gaya wa kowa komai. "03 Niyyar azumi da lokacinta" shi ne suna. Sifirin nan na gaba ba ado ba ne: na'urori da yawa suna jera sunaye harafi bayan harafi, don haka in ka rubuta 1, 2, har 10, sai 10 ta shiga gaban 2. Wasu ƙananan rediyoyi masu cin memori da na cikin mota ma ba sa duban suna, suna bin yadda aka zuba fayilolin ne, shi ya sa nake zuba su ɗaya bayan ɗaya, daga na farko. A sunan fayil kuma nakan bar ƙ da ɗ da ɓ su zama k da d da b, saboda ƙananan allunan nan sukan mayar da su akwati ko alamar tambaya. Ina jin ciwon hakan, amma ya fi a kasa karantawa.

Babi yakan rabu da 'yan'uwansa. Wani zai tura na biyar kaɗai a WhatsApp, ya isa Maraɗi ko Kumasi ba tare da na huɗu ba. Saboda haka a cikin bayanan kowane fayil nake cike sunan malam, sunan laccar, shekarar da aka yi ta, da lambar babi a kan jimillarsu, kamar 5/9, don wanda ya same shi ya san akwai gaba da baya. Nauyi ma yana raguwa: murya a kan 64 kbps tana cin kusan rabin megabait a minti, babin minti 16 bai kai megabait takwas ba, alhali laccar gaba ɗaya ta haura hamsin. Cikakkiyar laccar kuwa ina ajiye ta ba taɓawa, domin ranar da aka yi gardama kan abin da malam ya faɗa, ita za a koma wa.

Kafin in miƙa wa Goggo a karo na biyu, na saurari daƙiƙa goma na farko da goma na ƙarshen kowane babi. A na bakwai na tarar da tarin wani ya rufe kalmar farko, na ja yankan baya da daƙiƙa biyu. Da na kai mata, ta gangara da yatsa har babi na biyar, ta karanta sunansa a hankali, ta ɗora wayar kan tabarma kusa da faranti tana tsince wake.