Daga Alli Zuwa Manhaja: Abin da Malami Zai Faɗa Ranar Intabiyu

Tun da gwamnatin Nijeriya ta ƙaddamar da shirin 3MTT a shekarar 2023 domin horar da mutane miliyan uku a fannin fasahar zamani, hanyar koyon rubuta manhaja ta ƙara buɗewa, har ga malamin makaranta da ke son sauya sana'a. Koyon yakan yiwu a daren aiki da lokacin hutu. Inda ƙafa ke sarƙewa shi ne ranar intabiyu, sa'ad da aka dubi takardunsa aka ce: «Malam, shekara takwas kana koyarwa, me ka zo mana da shi?»

Amsar da ta fi saurin zuwa baki ita ce koyarwa ta koya masa haƙuri da iya mu'amala. Gaskiya ne, amma mai tambayar ba shi da hanyar auna haƙuri. Abin da yake nema labari ne guda na wata matsala da mutum ya warware da kansa. Shi ya sa kamfanoni irin su Amazon ke shawartar masu neman aiki da su bi tsarin STAR, wato a faɗi halin da ake ciki, da aikin da ya hau kan mutum, da matakin da ya ɗauka, sannan sakamakon da aka samu.

A ɗauki misalin malamar lissafi a wata sakandare, wadda haɗa sakamakon ƙarshen zango na ɗalibai 60 ke wuyanta. Ta gaji da kalkuleta, ta zuba makin a Excel. Sai ta lura matsakaicin makin ajin ya faɗi ƙasa fiye da yadda ta san ɗalibanta. Da ta bi layi-layi, ta gano cewa waɗanda ba su zauna jarrabawa ba an rubuta musu sifili. Ita kuwa dabarar AVERAGE tana tsallake gurbin da babu komai a ciki, amma tana ƙirga sifili. Idan ɗalibi ya ci 80, wani ya ci 70, na uku bai zo ba, matsakaicin 75 ne in an bar gurbinsa fanko, amma 50 ne in an sa masa sifili. Ta raba «bai zo ba» da «ya ci sifili», lissafi ya daidaita.

A wurinta wannan aikin ƙarshen zango ne kawai. A kunnen injiniyan manhaja kuwa, farautar kuskure ce cikakkiya: ta ga alama, ta yi zato, ta gwada da ƙaramin misali, ta gyara tushen matsalar. Minti biyu sun isa ba da labarin, kuma mafi yawansu ya kamata su tafi kan matakin da ta ɗauka, tana cewa «na yi», ba «mun yi» ba. Malamai sun saba da kunyar yabon kai, amma wanda ake son ɗauka mutum ɗaya ne, ba ɗakin malamai ba.

Labarin zai ƙara nauyi idan ta sake rubuta aikin da Python ta ajiye a GitHub, bayan ta cire sunayen yaran mutane:

```python
makin = [m for m in aji if m is not None]
matsakaici = sum(makin) / len(makin)
```

Mai tambaya mai wayo zai ce: in duk ajin ba su zo ba fa? Nan manhajar za ta tsaya da ZeroDivisionError, domin an raba da sifili. Ko da malamar ba ta hango wannan ba, abin da ake saurare shi ne yadda za ta yi tunani a fili: ta maimaita tambayar, ta faɗi inda zai karye, ta kawo gyara. Wanda ya shekara yana warware lissafi a allo yana bayani da baki ya riga ya san wannan rawar.

Sai dai aji yana barin ɗabi'u biyu da kan yi illa. Malami ya saba cika minti arba'in da magana shi kaɗai, alhali intabiyu hira ce da ake katse mutum. Ya kuma saba zama wanda ya fi kowa sani a ɗaki, don haka cewa «ban taɓa amfani da wannan ba» kan yi masa nauyi, sai ya shiga kewaye-kewaye, kuma injiniya na gane hakan nan take.

Akwai kuma iyaka. Shekara takwas a aji ba shekara takwas ba ce a manhaja, kuma galibi matakin farko za a ba shi. Idan aka ce ya rubuta abin da zai jera ɗalibai bisa maki, har da biyun da suka yi kunnen doki a na uku, dole yatsunsa su rubuta, ya kuma tambaya ko mai bi musu na huɗu ne ko na biyar.