Minti Biyar Kafin a Yaye Kwano

A yawancin tarukan buɗe aiki da na halarta, shugaba yakan cinye rabin sa'a yana gaishe da manyan baƙi, ya gangaro kan falalar haɗin kai, a shafa fatiha a watse. Washegari kafinta ya iso da mutanensa, ya tarar babu katako, domin ma'aji na jiran umarnin shugaba, shugaba kuma ya ɗauka sakatare ya riga ya sayo.

Mu ɗauki misali: kwamitin unguwa na mutum bakwai zai gyara ajujuwa uku na wata firamare da iska ta yaye wa rufi. Jawabin da ya dace da zaman farko bai wuce minti biyar ba. Bayan sallama da gaisuwa a taƙaice, shugaba ya fara da yadda aikin zai kasance ranar da aka gama shi:

"Jama'a, nan da mako shida, kafin ruwan farko ya sauka, muna son yara su koma ajujuwan nan uku, da sabon kwano da silin da daɓe. Fenti da kujeru ba sa cikin wannan zagaye."

Jimlar ƙarshen nan ta fi sauran tsada. In ba a faɗi abin da ba ya cikin aikin ba, a mako na uku wani dattijo zai leƙo ya ce ai da an haɗa da banɗaki, kunya ta hana a musa masa, kuɗin kwano ya tafi haƙa rami.

Daga nan sai rabon aiki, kuma a nan ne jawabai suka fi tuntuɓe. Shugabanni na son cewa "dukkanmu za mu sa ido", saboda ba ta ɓata wa kowa rai. Amma abin da kowa ke tsaro, akuya ce ke cinye shi. Kowane aiki a ɗora shi kan mutum ɗaya, a dube shi a faɗa: "Hajiya, kuɗi na hannunki, ba a fitar da ko naira sai da rasit. Malam kafinta, rufi naka ne, kai za ka ƙidaya bandir nawa na kwano ake bukata ka kawo wa Hajiya jibi. Magini zai shiga daɓe bayan ka gama rufi, kada ruwa ya ɓata siminti. In an saɓa kan farashi, ni zan yanke."

Kada a ce ai sun san juna. Jerin dubawar tiyata da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2008, mai abubuwa 19, ya tanadi cewa kafin a tsaga fata kowa a ɗakin ya faɗi sunansa da aikinsa. Likitoci ne fa da nas-nas. Wanda ya buɗe baki a farkon aiki ya fi samun ƙarfin halin yin magana daga baya in ya hango kuskure.

Tsarin aiki kuwa jimla uku sun ishe shi: ana zama kowace Asabar bayan la'asar na minti ashirin, hoton rasit ya shiga zauren WhatsApp a ranar da aka yi sayayya, wanda aiki ya tsaya masa ya sanar kafin ya kwana.

Shugaba bai gama ba tukuna, sai dai yanzu shiru zai yi. Ya roƙi kowa ya maimaita nasa aikin da bakinsa. "Kun gane?" ba ta da amfani a nan, don ba wanda zai ce a'a a gaban Alhaji. In kafinta ya ce, "Ni zan sayo kwano," alhali ƙidaya kawai aka ba shi, to an kama ɓarakar tun ba a kashe ko kwabo ba.

Akwai kuma dabarar da masanin halayyar ɗan'adam Gary Klein ya bayyana a mujallar Harvard Business Review a 2007: a ce wa mutane su ƙaddara aikin ya riga ya rushe, kowa ya faɗi me ya rusa shi. A wajenmu a fara da "Allah Ya kiyaye", sannan a tambaya. Yaron magini, wanda da ba zai tanka ba, shi ne zai ce makarantar ba ta da rijiya, kuma ba a sa kuɗin 'yan garuwa a lissafi ba. Sakatare ya rubuta, a ɗora shi kan wuyan mutum ɗaya kafin a tashi.