Yadda zarrar kulorin ɗaya ke rusa dubban ƙwayoyin ozon

A shekarar 1971 wani masanin kimiyya ɗan Birtaniya, James Lovelock, ya hau jirgin ruwa mai suna Shackleton ya nufi kudancin Tekun Atlantika, ɗauke da wata na'ura da ya ƙera da kansa. Duk inda ya auna iska, har tsakiyar teku inda babu masana'anta ko gari, sai ya tarar da ɓurɓushin sinadarin CFC, wato gas ɗin da a lokacin ake ɗurawa a firji da na'urar sanyaya ɗaki da gwangwanin feshi. Abin da awon ya nuna shi ne kusan duk CFC da aka taɓa saki yana nan a iska, bai lalace ba.

Wannan taurin kai shi ne ya sa masana'antu suka rungumi sinadarin tun wajajen 1930. Ba ya kama wuta, ba ya da dafi, ba ya narkewa a ruwan sama, kuma ba ya haɗuwa da komai. Sai dai a 1974 Mario Molina da Sherwood Rowland na Jami'ar Kalifoniya da ke Irvine suka bi sawun tambayar da ba wanda ya kula da ita: idan babu abin da ke lalata shi a ƙasa, ina zai ƙare? Amsar da suka samu ta kai su can sama, tsakanin kilomita 15 zuwa 35, yankin da masana ke kira sitiratosfiya, inda mafi yawan iskar ozon take.

Iskar oksijin da muke shaƙa zarra biyu ce a haɗe, O2. Ozon kuwa zarra uku ce, O3, kuma ita ce ke tsotse mafi yawan hasken UV mai ƙona fata, mai jawo yanar ido da sankarar fata. Ba ta da yawa ko kaɗan. Da za a tattaro dukkanta a sauko da ita doron ƙasa, kaurinta ba zai wuce milimita 3 ba, abin da masana ke rubutawa a matsayin 300 a ma'aunin Dobson. Kullum rana na ƙera ta, kullum kuma tana rushewa, kuma daidaiton da ke tsakanin ƙira da rushewa shi ne ke riƙe da ita.

CFC kan ɗauki shekaru kafin iska ta haura da shi zuwa can. Idan ya wuce saman mafi yawan ozon, sai ya gamu da hasken UV mai ƙarfin da bai taɓa gani a ƙasa ba, hasken ya tsinke masa zarrar kulorin guda:

CF2Cl2 + haske → CF2Cl + Cl

Wannan Cl da ta fita ita kaɗai ba irin kulorin ɗin da ake zubawa a ruwan famfo ba ce. Tana da ilaktaron bakwai a da'irarta ta waje, ɗaya daga ciki ba shi da abokin zama, don haka duk abin da ta ci karo da shi sai ta nemi ta fizgi wani abu daga jikinsa. Irin wannan zarra ce masana ke kira radikal. Idan ta haɗu da ozon, sai ta ƙwace zarrar oksijin ɗaya, ta bar iskar oksijin ta yau da kullum:

Cl + O3 → ClO + O2

Da a nan maganar ta tsaya, da ba wani tashin hankali: kulorin ɗaya, ozon ɗaya. To amma ClO ita ma radikal ce, kuma a can sama, wajen kilomita 40, akwai zarrar oksijin masu yawo su kaɗai, waɗanda hasken rana ya raba da 'yan'uwansu. Da zarar ɗaya ta gamu da ClO, sai ta janye oksijin ɗin da ke jikinta:

ClO + O → Cl + O2

Kulorin ta dawo yadda take tun farko, ko ƙwarzane babu, ta sake faɗa wa wata ozon. Idan aka haɗa lissafin matakan biyu, ozon ɗaya da zarrar oksijin ɗaya sun koma O2 biyu, kulorin kuwa ba ta ragu ba. Asarar ma riɓi biyu ce, domin waccan zarrar oksijin da aka cinye, da an bar ta da ta haɗu da O2 ta zama sabuwar ozon. Haka zagayen ke ta maimaituwa, kuma masana sun ƙiyasta cewa zarrar kulorin ɗaya na iya rusa ƙwayoyin ozon kusan 100,000 kafin ta bar sitiratosfiya. Shi ya sa sinadarin da bai wuce kashi uku ko huɗu cikin biliyan na iskar wurin ba ya zama abin tsoro.

Mai karatu zai iya tambaya, to me ya hana ozon ƙarewa ƙarƙaf? Abin da ya hana shi ne kulorin ba kullum take sake ba. Wani lokaci Cl kan ci karo da iskar metan, CH4, ta fizgi zarrar haidurojin ta zama HCl. Wani lokaci kuma ClO kan manne da NO2 su zama ClONO2. Waɗannan biyun ba sa taɓa ozon. Kamar kurar masu wasa ce da aka sa wa takunkumi: haƙoranta na nan, amma ba ta cizo. A yawancin sassan sitiratosfiya ta ƙasa, kusan dukkan kulorin a ɗaure take a cikin waɗannan sinadarai biyu, kuma a hankali HCl kan gangaro ƙasa, ruwan sama ya wanke ta. Wannan wankin ne ma ya sa gishirin teku, duk da tarin kulorin da ke cikinsa, ba ya cikin masu laifi: yana narkewa a ruwa tun kafin ya yi nisa.

Bisa wannan fahimta, lissafin masana a farkon shekarun 1980 ya nuna ozon za ta riƙa raguwa sannu a hankali, akasari a can ƙololuwa. Sai ga shi a watan Mayun 1985 Joe Farman da Brian Gardiner da Jonathan Shanklin, masu bincike na Birtaniya, sun wallafa awon da ake yi a tashar Halley da ke Antatika. Ozon ta watan Oktoba, wadda a shekarun 1960 take kusan 300, ta faɗo ƙasa da 200. Babu lissafin da ya hango haka. Abin ya zo da ɗaure kai ta fuska biyu. Ƙasashen arewacin duniya ne ke sakin mafi yawan CFC, amma ɓarnar ta bayyana a ƙarshen kudu. Sannan asarar tana faruwa ne tsakanin kilomita 14 zuwa 21, inda zarrar oksijin masu yawo su kaɗai ba su da yawan da zai juya wancan zagaye.

Fuska ta farko ba ta da wuya: gas ɗin da ke shekara hamsin ko ɗari a iska yana da isasshen lokacin da zai game duniya. Ta biyun ce ta buƙaci sabon tunani, kuma Susan Solomon, wadda ta jagoranci tawagar bincike zuwa tashar McMurdo a 1986, tana cikin waɗanda suka warware ta. A hunturun Antatika rana kan ɓace na tsawon watanni, wata guguwa mai ƙarfi ta kewaye nahiyar ta killace iskar da ke ciki, sanyi ya kai ƙasa da digiri 78 a ƙarƙashin sifili. A irin wannan sanyi gizagizai kan taso a sitiratosfiya, wurin da a al'ada ya bushe ƙwarai har girgije ba ya samuwa. A kan ƙananan ƙwayoyin waɗannan gizagizai, sinadarai biyun nan da a cikin iska da ƙyar suke kula juna sai su haɗu cikin sauri:

HCl + ClONO2 → Cl2 + HNO3

Cl2 ta tashi ta shiga iska. HNO3 kuwa ta maƙale a jikin girgijen, wani lokaci ƙwayoyin su yi nauyi su gangara da ita ƙasa. Wannan ya ƙara dagula lamarin, domin naitirojin ɗin da zai sake ɗaure kulorin ya tafi ke nan. Haka Cl2 ke taruwa cikin duhu, har rana ta leƙo a ƙarshen Agusta da Satumba. Ko hasken da bai da ƙarfi ya isa ya raba ta gida biyu, sai zarrar kulorin su watsu gaba ɗaya.

Daga nan wani zagaye dabam ke karɓar aiki, wanda Mario Molina da Luisa Molina suka bayyana a 1987. Tunda ClO ta yi yawa ƙwarai, sai biyu su haɗu da juna su zama Cl2O2. Hasken rana ya fasa wannan, ya saki Cl biyu da O2 ɗaya, kowace Cl ta kama sabuwar ozon. Sakamakon shi ne ozon biyu sun koma O2 uku, ba tare da buƙatar zarrar oksijin mai yawo ba. Zagayen na son sanyi, domin da zafi Cl2O2 kan rabu ta koma ClO biyu ba tare da ta yi ɓarna ba. Sinadarin buromin, wanda ke fitowa daga wasu na'urorin kashe gobara, shi ma yana haɗa kai da ClO a wani zagaye makamancin wannan.

Hujjar da ta kashe gardama ta zo ne a 1987, lokacin da jirgin sama samfurin ER-2 ya riƙa tashi daga Punta Arenas a ƙasar Chile yana kutsawa cikin guguwar, ɗauke da na'urar James Anderson na Jami'ar Harvard mai auna ClO. A ƙarshen Agusta, da jirgin ya tsallaka bakin guguwar, ClO ta yi tsalle sama amma ozon ba ta canza sosai ba, don rana ba ta daɗe da dawowa ba. Zuwa tsakiyar Satumba, a daidai inda ClO ta hau, ozon ta zube, inda ClO ta ɗan sauka kuma ozon ta ɗan ɗago. Da wuya a sami awon da ya nuna mai laifi ƙarara kamar wannan. A ranar 16 ga wannan wata na Satumba aka sa hannu kan Yarjejeniyar Montreal, a 1995 kuma Molina da Rowland da Paul Crutzen suka karɓi kyautar Nobel.

Wannan bayani ya kuma fayyace dalilin da ya sa ramin ozon, wato yankin da awo ya faɗi ƙasa da 220, ba ya zama ɗaya kowace shekara. A 2000 faɗinsa ya kusa murabba'in kilomita miliyan 30, kwatankwacin girman Afirka. A 2019 ya kasance ƙarami sosai, ba don kulorin ta ƙare ba, sai don sitiratosfiyar kudu ta yi ɗumi da wuri, gizagizan suka ragu. A arewacin duniya guguwar ba ta cika ƙarfi da sanyi haka ba, shi ya sa babbar asara ke zuwa jefi-jefi, kamar a 2011 da 2020.

An daina ƙera CFC a hukumance a duk duniya tun 2010, amma wanda aka riga aka ƙera bai gama fita ba. Yana nan cikin soson da ke jikin tsofaffin gine-gine da tsofaffin firji masu gas ɗin R-12, irin waɗanda aka daɗe ana shigowa da su kasuwannin Afirka ta Yamma. Duk wanda aka huda aka saki gas ɗinsa, wani ɓangare nasa zai kai ƙarni guda yana yawo. A 2018 masu awo sun lura cewa CFC-11 ba ya raguwa da saurin da ya kamata, aka bi diddigi aka gano kaso mai yawa na fitowa daga gabashin Sin, kuma bayan an matsa lamba fitar ta ragu. Rahoton masana na Majalisar Ɗinkin Duniya ya yi hasashen cewa ozon za ta koma matsayinta na 1980 wajen 2040 a yawancin duniya, wajen 2045 a ƙarshen arewa, a saman Antatika kuwa sai wajen 2066.