Zaman mai bugun rubutu

A biro, akwai ma'aikata masu wuni zaune suna bugun rubutu. A da, da keken rubutu suke aiki. Yanzu mafi yawansu da ordinatar suke yi, ƴan makaranta ma suna koyo. Wanda ya gan su daga nesa sai ya ce ba su wahala, tunda cikin inuwa suke. Amma da marece wani ya tashi da ciwon wuya, wani da ciwon baya, wani kuma yatsunsa sun sage. Sau da yawa laifin na tebur ne da kujera waɗanda ba su yi daidai da jikin mai zama ba.

Teburin biro na kullum tsawonsa daga ƙasa wajen santimita 75 ne. Don rubutu da alƙalami aka yi shi. In aka ɗora masa allon haruffa, tsawon ya ƙaru. Ga dogon mutum ba damuwa. Gajere kuwa sai ya ɗaga kafaɗu kafin yatsunsa su kai ga haruffa, kuma haka zai zauna har a tashi aiki.

Abin da ake aunawa da fari shi ne gwiwar hannu. Mutum ya zauna, ya saki kafaɗunsa, ya lanƙwasa hannu kamar kusurwar littafi. Inda gwiwar hannu ta tsaya, nan ya kamata haruffa su kasance, ko ƙasa da haka kaɗan.

Ga misali. Wata ɗaliba tana koyon aikin sakatare. Tsawonta mita 1 da santimita 55. Kujerarta tana da santimita 45. In ta zauna, daga kujera zuwa gwiwar hannunta santimita 22 ne. Ke nan gwiwar hannunta tana santimita 67 daga ƙasa. Teburin kuwa santimita 75 ne, kaurin allon haruffa santimita 3, jimla 78. Tsakanin 67 da 78 akwai santimita 11. Waɗannan santimita 11 su ne ke sa mata ciwon kafaɗa.

Ba a iya rage teburin, don na makaranta ne. Sai a ɗaga mazauni. Aka sa katako mai faɗi bisa kujera, aka ɗora masa matashi mai tauri, har kujerar ta kai santimita 56. Matashi mai laushi ba ya yin wannan aiki, don yana lotsewa da zarar an zauna. Yanzu hannuwanta sun yi daidai, amma wata matsala ta fito: ƙafafunta suna reto. Daga bayan gwiwarta zuwa ƙasan takalminta santimita 40 ne kawai, kujera kuwa ta kai 56. Saura 16. In aka bar ta haka, bakin kujera zai danne mata cinya, ƙafafu su yi nauyi, ita kuma ta dinga zamewa gaba tana neman ƙasa. Sai aka kawo ɗan akwatin katako mai tsawon santimita 16, ta taka. Tubalin siminti ma yana yi, in tsawonsa ya yi daidai.

Saura baya. Ana zama har cikin kujera, ƙugu ya taɓa majingini. Ƙashin baya ba miƙe yake kamar sanda ba, yana da ɗan lanƙwasa a wajen ƙugu. In majinginin bai cika wannan wuri ba, sai a naɗe tsohon zane a sa. Tsakanin bakin kujera da bayan gwiwa kuma a bar wurin yatsa biyu ko uku.

Wuyan hannu ya fi kowane wuri son kulawa, don ƙarami ne kuma cike yake. A cikinsa akwai ƙananan ƙasusuwa 8. Sun jeru kamar kwari, wata jijiya mai faɗi da tauri ta rufe su ta gefen tafin hannu, sai wurin ya zama ƴar ƙunƙuntar hanya. Ta wannan hanya jijiyoyi 9 masu jan yatsu ke wucewa, tare da wata jijiya guda mai kai ji ga yatsu. Duk lokacin da yatsa ya danna harafi, jijiyarsa tana gaba tana baya cikin hanyar.

Wanda ya taɓa jan ruwa ya san abin da igiyar guga ke yi wa iccen bakin rijiya. In igiya ta sauka sak, ba ta taɓa komi. In ta karya bisa icce, sai ta yi ta gugarsa, ita ma tana cinyewa. Haka jijiyoyin suke. In wuyan hannu yana miƙe, suna tafiya a sake. In ya karye sama, ko ƙasa, ko gefe wajen ƙaramin yatsa, hanyar tana matsewa, jijiyoyin suna guga.

Kuskuren da aka fi yi shi ne a kafa gindin tafin hannu bisa bakin tebur, a ɗaga yatsu sama. Akwai hanya mai sauƙi ta gane shi. Wani ya ɗora fensir bisa hannun mai bugu, rabi a kan damtse, rabi a bayan tafi. In fensirin ya kwanta lafau, hannun yana daidai. In rata ta fito a ƙarƙashinsa, wuyan hannu ya karye. Yayin bugu, tafin hannu yana shawagi bisa haruffa, ba ya sauka sai lokacin hutu. In harafi yana nesa, hannun duka ne ke zuwa wurinsa, ba a miƙa ƙaramin yatsa shi kaɗai. A bayan allon haruffa akwai ƴan ƙafafu biyu. Mutane suna son buɗe su don su ga haruffa sosai, amma suna ƙara karya wuyan hannu. Gara a bar su naɗe.

Kan babban mutum ya kai kilo 5. In ya sunkuya gaba, wuya ne ke riƙe wannan nauyi. Don haka saman gilashin ordinatar ya tsaya daidai da ido, nisansa kuma kamar tsawon hannu. In ya yi ƙasa, littattafai biyu ko uku sun isa su ɗaga shi.

Tsohon keken rubutu yana da nauyin dannawa, amma yana tilasta hutu: in layi ya ƙare a tura hannun keke, in shafi ya cika a sake takarda. Ordinatar ba ta tsayar da kowa. Mai aiki da ita shi ke tsayar da kansa. Bayan kowane minti 30 ya tashi, ya saki hannuwa, ya ɗan taka na minti ɗaya ko biyu.

Gajiyar da ta wuce bayan barcin dare ba abin tsoro ba ce. Amma akwai alamar da ba a rainawa: babban yatsa, da manuni, da na tsakiya su sage ko su dinga tsira kamar kiyashi na cizo, ƙaramin yatsa kuwa lafiya lau. Abin ya fi zuwa da dare, har ya tada mutum yana karkaɗa hannu. Wannan yana nuna jijiyar ji ta matsu. Ba bugun rubutu kaɗai ke kawo shi ba, ciwon sukari da juna biyu ma suna kawowa. In ya yi sati biyu bai daina ba, ko abubuwa suka fara suɓucewa daga hannu, sai a tafi likita.