Daga Rahoton Ziyara Zuwa Allon Majigi: Yadda Ake Barin Hoto Ya Yi Magana

A makarantu da yawa, idan ɗalibai sun dawo daga ziyarar gani da ido, sukan rubuta rahoto, sannan malami ya ce su gabatar da shi a gaban aji da majigi. A nan ake samun tangarɗa. Ɗalibi ya kwafe sakin layi guda daga rahoton ya zuba a allo, ya maƙala ɗan ƙaramin hoto a gefe, ya juya wa jama'a baya yana karantawa. Kafin ya kai shafi na 3, hankalin aji ya tafi wani wuri. Rahoto an yi shi ne don mai karatu shi kaɗai, wanda zai iya tsayawa ya koma baya. Mai kallon majigi kuwa ido yake sa wa allo, kunne kuma ga mai magana, ba zai iya karanta dogon rubutu yana sauraro ba.

Mu ɗauki misalin ajin da ya ziyarci marinar Ƙofar Mata a birnin Kano, wadda ake cewa an kafa ta tun 1498. A ce sun dawo da rahoto mai shafi 6 da hotuna 80 a wayoyinsu, an kuma ba su minti 10. Lissafin farko shi ne na lokaci. Hoto guda da bayaninsa na baki yana cin kusan minti 1, don haka shafi 10 zuwa 12 ne iyakar abin da za su iya nunawa. Ke nan hotuna wajen 70 ba za su shiga ba, kuma wannan zubarwar ita ce mafi wuyar aikin, domin kowa yana son a ga nasa.

Da me za a tace? Rahoton ya bi jerin yinin ne: an taru a makaranta, an shiga mota, an isa, an yi gaisuwa, an zagaya, an ci abinci, an dawo. Wannan jeri bai dace da majigi ba. Sai a koma cikin rahoton a nemo tambaya guda wadda ziyarar ta amsa. A marina, tambayar a fili take: ta yaya farin yadi yake komawa shuɗi? Da zarar an tsayar da ita, hotunan su za su zaɓi kansu. Shafin farko ya nuna filin marinar da ramukanta, don mai kallo ya san inda yake. Sai kayan haɗi, wato baba da toka. Sai ramin da aka jiƙa aka bari ya yi kwanaki yana nuna, da kumfarsa a sama. Sai yadin da aka ɗaɗɗaure da zare don fitar da ado, sai marini yana tsoma shi, sai lokacin da ya ɗago shi, sai shanya, sai mabuga suna bugun yadin har ya yi sheƙi. Hoton mota da na cin abinci sun fita. Hoton ɗalibai a jere suna murmushi, ɗaya ya isa, a ajiye shi a ƙarshe.

Inda na fi so mai karatu ya tsaya shi ne ɗan rubutun da ke ƙasan hoto. Kuskuren da aka fi yi shi ne maimaita abin da ido ya riga ya gani. Hoto ya nuna mutum tsugune a bakin rami, sai a rubuta “Wani mutum yana rini.” Wannan bai ƙara wa kowa komai ba. Aikin rubutun shi ne ya faɗi abin da hoton ya kasa nunawa: sunan abu, ko dalilinsa, ko tsawon lokacinsa. Rahoton yana iya cewa: “Bayan haka jagoranmu ya bayyana mana cewa idan aka ciro yadin daga cikin ramin ba ya zama shuɗi nan take, sai ya sha iska tukuna, shi ya sa marini yake tsomawa yana ɗagowa sau da yawa har launin ya kama yadda ake so.” A allo, wannan duka ya koma kalma 7: “Iska ce ke mayar da yadin shuɗi.” Shafi na gaba kuma: “Yawan tsomawa, ƙarin duhun launi.” Sauran bayanin bai ɓata ba. A PowerPoint akwai wurin da ake kira Notes a ƙasan kowane shafi, can za a zuba shi, mai gabatarwa ya gan shi ta Presenter View, jama'a kuwa hoto kawai suke gani.

Kada rubutun ya wuce layi 2, kuma girman harafi kada ya gaza 28, don na bencin baya ya karanta. Duk sunan wuri ko adadin da aka saka, a tabbatar daga littafin da aka yi rubutu a wurin ziyarar ya fito, ba daga tuni ba. Akwai hanyar gwaji mai sauƙi: a karanta rubutun shafukan kaɗai a jere, ba tare da hotunan ba. In sun ba da labarin rini daga farko zuwa ƙarshe, tsari ya yi. In an ji giɓi, akwai shafin da ya ɓace.

Hoton kansa ya cika allo, ɗaya a kowane shafi. Ana haɗa 2 ne kawai idan kwatanci ake so, kamar yadi kafin rini da bayansa. Allon yanzu mai faɗi ne, 16:9, don haka hoton da aka ɗauka da waya a kwance ya fi zama daidai. Wanda aka ɗauka a tsaye, kada a ja shi ta gefe don ya cika, fuskoki za su baje, ramin da ke zagaye ya koma kamar ƙwai. A ja shi ta kusurwa, ko a datse da Crop, ko a ajiye shi a ɓangare guda a sa rubutu a ɗayan.

Abu biyu sukan ɓata aiki a ranar gabatarwa. Na farko, hoton da aka tura ta WhatsApp yadda aka saba yana raguwa, a waya ba a lura, amma a bango sai ya fito dishi-dishi. A tura shi a matsayin Document, ko a kwashe ta kebul. Na biyu ya shafi marina musamman: majigi a ɗaki mai haske yana kashe launi mai duhu, shuɗin baba sai ya koɗe. A zaɓi hotunan da aka ɗauka cikin hasken rana, a rufe tagogin da ke kusa da allo. Haka kuma haruffanmu masu lanƙwasa, ƙ da ɗ da ɓ, wani salon rubutun ba ya ɗauke da su, sai su fito da wata siffa dabam ko ƙananan akwatuna a kwamfutar da ba taka ba. Ajiye kwafi a matsayin PDF yana maganin wannan.

Akwai kuma haƙƙin mutanen da ke cikin hotunan. Marini a bakin sana'arsa yake, ba kayan kallo ba ne. A nemi izininsa kafin a ɗauka, a gaya masa inda za a nuna, wanda ya ƙi kuma a ɗauki hannuwansa da aikinsa in ya yarda, a bar fuskarsa.

Ga malamai, roƙona shi ne a faɗa wa ɗalibai tun kafin mota ta tashi cewa majigi za a yi. Wanda ya san haka zai riƙe wayarsa a kwance, ya ɗauki kowane mataki daga nesa da kusa, ya kuma rubuta sunan abin da ya ɗauka nan take. Hoton da ba a ɗauko ba a marina, babu manhajar da za ta samar da shi a aji.