Kafin ka biya kuɗin kafe, karanta tallar aikin sau biyu

A ce Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu ta fitar da tallar neman ma'aikatan jinya, ta iso wayarka a Gwaram. Kalmomi biyu za ka nema.

Abin da ya biyo bayan "must" sharaɗi ne, kamar lasisin aikin jinya ko iyakar shekaru. In lasisinka ya ƙare, sabunta shi tukuna, don tun wajen tantance takardu za a ajiye ka gefe.

Abin da aka kira "added advantage" kuwa, kamar iya kwamfuta, buri ne kawai. An fi duba shi in mutum biyu sun yi kunnen doki.

Ka cika sharuɗɗan, buri ɗaya ya rage maka? Tura takardunka kafin ranar rufewa.