Yadda Ake Lissafin Kuɗin Fita Aiki a Kasafin Shiri

Kuɗin fita aiki ƙauyuka kashi uku ne: masauki, guzuri, da sufuri. Guzuri shi ne alawus ɗin da ake bai wa ma'aikaci a kowace rana domin ci da sha da ƙananan buƙatu, kuma galibi ba a neman rasit a kansa. Shi ya sa ya zama dole a yanke adadinsa tun kafin a tashi, a rubuta inda kowa zai gani. A 2022 Hukumar Albashi ta Ƙasa ta sabunta farashin da ake biyan ma'aikatan gwamnatin tarayyar Najeriya, gwargwadon matakin albashinsu. Ƙaramar ƙungiya kuwa ita za ta tsara nata, shugabanninta su sa hannu.

A ɗauki misalin ƙungiyar da za ta tura ma'aikata uku da direba daga Kano zuwa ƙauyukan Haɗeja duba rijiyoyin burtsatse. Za su tashi Litinin su dawo Alhamis, wato yini huɗu ke nan amma dare uku. A nan ake yawan tafka kuskure, domin masauki da dare ake ƙirga shi, guzuri kuma da yini. Idan an yanke naira 20,000 kuɗin ɗaki, mutum huɗu a dare uku sun ci naira 240,000. Guzuri a kan naira 10,000, mutum huɗu a yini huɗu, ya kama naira 160,000. Direba yana cikin lissafin, domin shi ma ci yake yi, kwana yake yi, kuma rashin adalci ne a bar shi ya kwana cikin mota.

Shi mai, da tazara ake auna shi. Kano zuwa Haɗeja kimanin kilomita 200 ne, zuwa da dawowa 400. A ƙara 200 na zagayen ƙauyuka, wanda masu kasafi kan manta da shi. Motar da ke shan lita ɗaya a kilomita goma za ta buƙaci lita 60. In an ƙiyasta lita a kan naira 1,000, mai ya tashi naira 60,000. Fita ɗaya ke nan ta kama naira 460,000, fita shida a shekara kuma naira 2,760,000.

Kowane layi a rubuta shi a warware: mutum nawa, kwana nawa, a kan nawa. Dunƙulallen adadi kamar "tafiye-tafiye, naira miliyan uku" ba ya bari mai ba da tallafi ya tantance komai, kuma idan mai ya yi tsada babu yadda za a nuna inda giɓin ya fito.

Ranar da aka ciyar da ma'aikata a wurin taro, a cire kason wannan abincin daga guzurinsu. In an dawo da wuri, a mayar da rarar kuɗin. Mai binciken kuɗi zai gwada takardar izinin tafiya da rasit ɗin otal da littafin direba, ya ga ko ranaku da kilomitoci sun zo ɗaya.